Who ko whom, me ko I: amsoshin tambayoyin da ake yawan jefo min

Na daɗe ina koyar da Turanci a lesin na yamma, yaran da ke shirin WAEC da JAMB da kuma manya ma'aikata da ke son gyara rubutunsu na ofis, kuma wallahi tambayoyin nan ba sa canzawa, wanda ya yi bara shi wani zai maimaita bana. To ga su nan na tara wuri ɗaya, duk wanda ya sake tambaya sai in ce ya karanta.

Malam, "between you and me" ne daidai ko "between you and I"?

"Between you and me" ne. Na san kunnenka ba zai so haka ba amma yi haƙuri ka bi ni.

Kalmomin nan biyu, I da me, mutum ɗaya ne ya canza riga. In shi ne yake yin aikin sai ya sa rigar I, in kuma aikin a kansa ya faɗa sai ya sa rigar me, abin da muka koya a nahawun Hausa da sunan aikau da karɓau kenan. Mu ma muna da shi ai, kawai dai ba ma lura ne saboda da shi muka tashi. Za ka ce "na ga Audu" amma "Audu ya gan ni", ba ka taɓa jin Bahaushe ya ce "Audu ya ga na" ba, ko yaro ɗan shekara uku ba zai faɗa ba. To haka Bature yake da "I saw Audu" da "Audu saw me".

Sai doka ta biyu, wadda ita ce ta shafi tambayarka. Akwai ƙananan kalmomin nan irin su to, for, with, from, about, between, waɗanda malamin Turanci ke kira firifozishan, duk wakilin sunan da ya biyo bayansu rigar karɓau yake sawa. Shi ya sa ake cewa "with me", "for him", "to us". Nan ma Hausa ta yi kama, "ya zo da ni" muke cewa ba "ya zo da na" ba. Tunda between na cikin wannan layin, duka mutum biyun da suka biyo bayanta dole su sa rigar karɓau. Ita you riga ɗaya gare ta, ko ita ta yi ko ita aka yi wa you ce, shi ya sa ba ta tona asirin kowa, sai a kan na biyun ne ake kama mutum.

To me ya sa nake jin manya masu digiri suna cewa "between you and I"? Har a talabijin fa.

Tsoro ne ya kawo shi, ba jahilci ba. Ka tuna muna firamare yaro zai miƙe ya ce "Me and Musa went to the market" malam ya daka masa tsawa, wani lokacin har da bulala, ya ce "Musa and I!" To malam ya yi daidai a wannan jimlar domin su biyun ne suka yi tafiyar, amma bai tsaya ya faɗi dalili ba, sai yaro ya tashi da cewa "and me" maganar marasa ilimi ce, "and I" kuma ta 'yan boko. Daga nan duk inda ya ga and sai ya liƙa mata I, ko wajen ya dace ko bai dace ba. Garin neman gira a rasa ido kenan.

Kuma ba mu kaɗai ba ne, Turawan Ingila da na Amurka su ma suna yi sosai, kuma ba yau aka fara ba. A cikin wasan Shakespeare mai suna The Merchant of Venice, wanda aka fara bugawa a 1600, akwai wasiƙar da Antonio ya aika wa abokinsa Bassanio inda ya ce "all debts are cleared between you and I". Wannan tun kafin malaman nahawu irin su Robert Lowth, wanda ya fitar da littafinsa a 1762, su zauna su tsara dokokin da ake bi a makaranta yanzu. Saboda haka tsoron bulala kaɗai bai gama bayyana abin ba, wasu masana harshe ma suna ganin cewa a bakin mutane da yawa "you and I" ta riga ta dunƙule ta zama kamar kalma ɗaya da ba ta canza riga. Ni dai ra'ayina shi ne wannan bayani ne na dalilin da ya sa ake faɗa, bai zama izini ka rubuta a takardar neman aiki ba. Mai duba takardarka ba zai ce ai Shakespeare ma ya yi ba, jan biro kawai zai sa.

Akwai wata dabara da zan gane da sauri ba sai na tsaya ina neman aikau da karɓau ba?

Akwai, kuma ita nake fara koya wa kowa. Ka cire ɗaya mutumin ka bar kanka kai kaɗai, sannan ka karanta da ƙarfi.

A ce kana so ka rubuta cewa shugaban makaranta ya kira ku kai da Musa. Kana shakka tsakanin "The principal called Musa and I" da "The principal called Musa and me". Sa yatsa ka rufe "Musa and", me ya rage? "The principal called I". Kai ma ka ji ba daɗi ai. To me ce. Juya ta yanzu, ku ne kuka je wajensa, "Musa and me went to see the principal", rufe Musa, ya zama "Me went", wannan kuma ta fi ta farko muni, kenan I ce a nan.

Inda dabarar ke cijewa shi ne a kan between ɗin kanta, domin ba a cewa tsakanin mutum ɗaya, in ka cire ɗaya jimlar ta rushe gaba ɗaya. A nan sai ka haɗe mutum biyun su zama jam'i ka gwada we da us. "Between we" ko "between us"? Kowa ya san us ce. To us 'yar gidansu me ce, we kuma 'yar gidansu I. Haka za ka yi da let, mutane na yawan rubuta "Let you and I go", alhali "let's" ɗin da kake faɗa kullum gajarta "let us" ce, don haka "Let you and me go" ita ce ta bi doka duk da dai ba kasafai za ka buƙace ta ba.

Ni matsalata daban ce, "I and Musa" nake rubutawa. Kuskure ne?

A wajen riga ba ka yi kuskure ba in dai ku ne masu yin aikin, jeri ne kawai ya saɓa wa al'adarsu. Mu da kanmu muke farawa, "ni da Musa", in ka ce "Musa da ni" har sai an ɗan kalle ka, to shi ne hannunka ke ɗaukowa ya zuba a Turanci. Su kuma ladabinsu shi ne mai magana ya zo ƙarshe, marigayiya Sarauniya Elizabeth ta biyu har an san ta da yawan cewa "my husband and I". Ka sa kanka a baya kawai, shikenan.

"Myself" fa? Ogana kullum "send it to Musa or myself" yake rubutawa.

Mafakar wanda ya rasa na zaɓa ce, yana tsoron me yana shakkar I sai ya ruga ya ɓuya a bayan myself. Aikinta na asali biyu ne, in aikin da ka yi ya dawo kanka kamar "I hurt myself", wato na ji wa kaina ciwo, ko kuma don ƙarfafawa kamar "I did it myself", ni da kaina na yi. Gwada ta da Hausa ka ji, "ka aika wa Musa ko kaina", ai ba ta zauna ba. "Send it to Musa or me" ta wadatar.

In aka ƙwanƙwasa ƙofa aka ce waye, "It is I" zan ce ko "It's me"?

"It's me". Tsohuwar dokar littafi ta ce I, saboda is ba aiki ba ne da ke faɗawa kan wani, amma in ka tsaya a ƙofar mutane ka ce "It is I" za a zaci wasan kwaikwayo kake. Sai dai in jimlar ta ci gaba da who a rubutu na hukuma, kamar "It was I who signed the letter", nan I ta fi zama. Haka rigimar "taller than me" da "taller than I" take, ta farko ce ke bakin mutane, ta biyu ce ta tsofaffin littattafai, in kana so ka tsira daga ɓangarorin biyu ka cika ta ka ce "taller than I am", ba wanda zai taɓa ka. Wuri ɗaya ne abin ke canza ma'ana, "She likes Musa more than me" na iya nufin ta fi son Musa a kaina, ko kuma ta fi ni son Musa, to a irin wannan ka cika jimlar tun kafin a yi rigimar da ba gaira ba dalili.

To mu zo kan who da whom. Ni fa ban taɓa gane bambancinsu ba.

Ba laifinka ba ne, harshenmu bai raba su ba. "Wa ya kira ka?" da "Wa ka kira?" duk wa ɗaya ce, abin da ya biyo baya ne ke nuna wanda ya yi kiran. Shi kuma Turanci a jikin kalmar tambayar yake sa alama, who ga wanda ya yi, whom ga wanda aka yi wa ko wanda ya biyo bayan su to da with. Wato labarin I da me ne dai aka sake da wasu 'yan wasa.

Yadda za ka gwada shi ne ka amsa tambayar da he ko him, ko da mace ake magana ka ari namiji na ɗan lokaci saboda m ɗin da ke ƙarshen him ita ce ke ƙarshen whom, sai su riƙa tuna maka juna. "___ called you?" Amsa "He called me", babu m, who kenan. "___ did you call?" Amsa "I called him", ga m ta fito, whom kenan. In jam'i ne they da them su ma suna yi, m ɗin na nan.

In ba tambaya ba ce, a tsakiyar jimla take, sai ka yanko ɓangaren da ya fara daga gurbin ka miƙar da shi ya zama jimla mai zaman kanta. "The woman ___ we met yesterday is a nurse." Yanko "we met yesterday", wa muka haɗu da shi, "we met him", to whom. "The woman ___ treated me is a nurse", yanko, "he treated me", who. Abin lura a nan, kar ka kalli aikin da matar ke yi a babbar jimlar, a duka biyun ai ita ce nas ɗin, aikinta a cikin ɗan ɓangaren da ka yanko shi ne ke yanke hukunci. Yawancin masu faɗuwa a nan suke faɗuwa, suna kallon jimlar gaba ɗaya maimakon ɗan yankin.

Kuma wannan m ɗin ba ado ba ne, gado ne. A tsohon Turanci na fiye da shekara 1000 da suka wuce kalmomi na canza ƙarshensu gwargwadon aikinsu a jimla, har sunaye ma, kamar dai yadda ɗan Islamiyya ya san Zaidun da Zaidan da Zaidin a Larabci. Sunaye sun zubar da kusan duka nasu tuntuni, 'yan wakilan suna ne kawai suka riƙe, shi ya sa Musa yana nan Musa ko ya yi duka ko an dake shi, amma he sai ta koma him.

Na bi dabarar amma an ce na faɗi wannan: "The man whom I think stole the money has run away." Ina laifina? Ai ga I nan bayan gurbin.

Yawwa, ka taka tarkon da ya fi kowanne kama masu ƙoƙari. Wanda bai san komai ba who zai sa ya ci a banza, kai da ka fara ganewa kai ne za ka ga "I think" ka ce ai ga mai aiki nan, to mutumin karɓau ne, ka sa whom.

Tsaya ka ƙirga aikatau a ɗan yankin, guda biyu ne, think da stole. Kowanne yana buƙatar mai yin sa. Think ta samu nata, I. To stole fa, wa ya yi satar? In ka sa whom ka bar stole ba mai ita kenan, marainiya. Miƙar da yankin ka ji, "I think he stole the money", ba wanda zai ce "I think him stole". Saboda haka who ce. Wannan "I think" ɗin kutse kawai ta yi, ɗauke ta jimlar na tsaye da ƙafarta, "The man who stole the money has run away". 'Yan uwanta masu irin wannan kutsen su ne "we believe", "they say", "you know", "the police said", duk inda ka gan su manne da gurbin ka ɗaga su tukuna ka ga abin da ke ƙasa.

Abin da ke burge ni shi ne Hausa tana tona wannan tarkon da kanta. Faɗe ta da harshenka, "mutumin da nake zaton ya sace kuɗin ya gudu". Ka ga "ya" ɗin nan ta gaban sace? Ta mutumin ce, Hausa ba ta yarda a bar aiki ba mai shi, dole ta ajiye masa wakili. In ka ga mutumin yana da tasa "ya" ko "ta" ko "suka" a cikin yankin to who ne. Kwatanta da "mutumin da nake zargi ya gudu", a yankin "da nake zargi" ba shi da wata "ya" tasa, ni ne ke zargi shi kuma a kansa ya faɗa, wannan ita ce "The man whom I suspect has run away". Amma fa dabarar nan tana da iyaka, in mutum biyun duka maza ne kuma ba kai a ciki, "mutumin da ya kira" na iya zama shi ya yi kiran ko wani ne ya kira shi, a nan Hausar ba za ta raba maka gardama ba sai ka koma kan he da him.

Kada ranka ya ɓaci dai, jaridun Turanci ma suna faɗawa ramin nan, ka riƙa lura da labaran kotu da na 'yan sanda za ka tsinci "a man whom police said was armed" ba sau ɗaya ba.

"Give it to whoever comes first" ko "whomever"? Ai kun ce bayan to sai m.

Na ce, amma nan to ɗin ba kalma ɗaya ta riƙe ba, yankin gaba ɗaya ta riƙe, wato "whoever comes first" dukansa shi ne wanda za a ba. A cikin yankin kuma comes na neman mai zuwa, "he comes first", to whoever ce. In da cewa aka yi "Give it to whomever you trust" sai ta zauna domin "you trust him" ne. Gaskiya whomever kalma ce da za ka iya shekara ba ka buƙace ta ba, in ta rikita ka ce "anyone who" ko "anyone you" ka wuce abinka.

Wani ya ce min whom ta mutu, Turawa ma sun daina. Gaskiya ne?

Rabin gaskiya. A magana ta yau da kullum kusan ba ka jin ta a farkon tambaya, "Who did you see?" da "Who are you talking to?" su ne maganar kowa har da farfesoshi, in ka tare abokinka a hanya da "Whom did you see?" zai ga kana yi masa iyayi ne. Tun 1921 wani masanin harshe a Amurka mai suna Edward Sapir ya yi hasashen cewa nan da kamar shekara 200 ko babban masanin shari'a ba zai riƙa faɗin wannan jimlar ba, an ci rabin wa'adin yanzu kuma alamu na nuna bai yi nisa da gaskiya ba. Ko a Twitter da aka koma kira X, "Who to follow" suka rubuta, alhali a dokar littafi whom ce.

Amma akwai wuraren da take da ranta sarai kuma in ka sa who za a gane. Na farko in ƙaramar kalmar nan ta zo daf a gabanta, "to whom", "with whom", "for whom", shi ya sa kan takardar shaida har gobe "To whom it may concern" ake rubutawa. Zaɓi biyu gare ka, ko ka tafi da hukuma gaba ɗaya ka ce "To whom did you give it?" ko ka sake jiki gaba ɗaya ka ce "Who did you give it to?", abin da ba ya kyau shi ne ka haɗa babbar riga da gajeren wando ka rubuta "To who did you give it?" Na biyu wajen ƙidaya, "some of whom", "all of whom", "two of whom". Misali "I have thirty students, ten of whom are girls", nan ba yadda za ka yi da ita, "ten of who" ba ta shiga ko a bakin wanda bai damu da nahawu ba.

Akwai kuma hanya ta uku da mutane ke mantawa, sau da yawa in whom ce a tsakiyar jimla kana iya jefar da ita baki ɗaya. "The woman we met yesterday is a nurse" lafiyayyar jimla ce. Wannan ma wani gwaji ne a kyauta, domin who mai aiki ba ta jefuwa, "The woman treated me is a nurse" ta karye. Sai dai kar ka gwada shi a jimla mai kutsen "I think", can who ɗin ma tana jefuwa sai ta ruɗe ka, kuma ba a jefarwa in akwai waƙafi kafin gurbin.

In ka rasa tudun dafawa kana sauri, sa who. Wanda ya sa who a gurbin whom an ɗauka ya saki jiki ne kawai, wanda ya sa whom a gurbin who kuwa an ga ya yi kwalliya ta zame masa.

To a jarrabawa wanne zan bi, na littafi ko na baki?

Na littafi, ba tantama. A WAEC da NECO da JAMB in ka ga who da whom a cikin zaɓi to dokar ake gwadawa, ka yi gwajin he da him a gefen takarda ka zaɓa. In kuma zaɓin irin "he and I", "him and me", "he and me", "him and I" ne, fara da soke biyun da suka haɗa riga daban-daban, domin mutum biyun da and ta haɗa aiki ɗaya suke yi, rigarsu ɗaya. Saura biyu, sai ka gwada we da us. Ko minti ɗaya ba za ka ci ba.

Za ka iya nuna mana a rubutu na gaske, ba jimla ɗaiɗai ba?

Bari in kawo muku wata da wata ɗalibata ma'aikaciya ta kawo min, saƙo ne za ta tura wa shugabar sashensu, ta ce Malam duba min kafin in tura, na karanta sau uku ban ga komai ba amma zuciyata ba ta kwanta ba. Ga abin da ta rubuta:

"The director asked my colleague and I to find the driver whom we believe took the file. The matter should remain between you and I. Please tell us who we should report to, and give the key to whomever arrives first."

Na ce mata Hajiya ɗauko biro, gurbi biyar ne, mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Na farko ta rufe "my colleague and" da yatsa ta karanta "asked I", ta yi dariya ta gyara zuwa me, amma sai ta kawo hujja mai kyau, ta ce ai mu ne za mu nemo direban, ba mu ne masu aiki ba? Na ce a'a, kalli asked, darakta ne ya yi umarnin ku kuma a kanku ya sauka, "asked us to find" ake cewa ba "asked we to find" ba, ko da akwai aikin da za ku yi daga baya. Na biyu na sa ta faɗa da Hausa, ta ce "direban da muke zaton ya ɗauki fayil ɗin", tana kaiwa kan "ya" ta tsaya da kanta, ta soke m. Na uku ba mu ɓata lokaci ba, between us, to me.

Na huɗu ne muka ɗan yi ja-in-ja. A doka "report to him" ne, kenan whom, amma kuma "who we should report to" ba wanda zai ɗaga gira a kanta a saƙon ofis na yau da kullum. Na tambaye ta yaya shugabar take, ta ce tsohuwar malamar makaranta ce mai son ƙa'ida, har waƙafi take gyara wa mutane. Na ce to ba ta abin da take so, muka mai da shi "to whom we should report". Na biyar kuma arrives na neman mai isowa, whoever. Ga yadda ya fita:

"The director asked my colleague and me to find the driver who we believe took the file. The matter should remain between you and me. Please tell us to whom we should report, and give the key to whoever arrives first."

Ka lura huɗu daga cikin biyar ɗin duk wajen neman gogewa ta yi su, ta sa I inda me ce, ta sa m inda ba a buƙata, wuri ɗaya tak da m ɗin ke da gurbi kuma nan ne ta bar shi.

In ogana ya rubuta "between you and I" in gyara masa?

A gaban mutane? Kul. In takarda ce da za ta fita waje da sunan ofis kuma kai aka ba ka buga, gyara abinka shiru ka kai masa ya sa hannu, galibi ba zai ma lura ba. In ya lura ya mayar da I ɗinsa ya ce kai ne ka yi kuskure, sai ka ce ranka ya daɗe ko mu sa "between us" ne, ta fi gajarta.